Ranar da Amirka Ta Riga La'asar

A unguwar Ammariyya idan aka ce Shatu mai sikeli, ba a ƙara tambayar wacce. Umara ce ta kawo ta Jidda daga Gumel tun tana da ƙarfinta, ta ga wuri ta zauna. Ta yi wankau a gidajen Larabawa, ta yi tuyar funkaso, ta yi rainon 'ya'yan da yau sun zama manyan mutane ba sa gane ta a hanya. Da gwiwoyi suka fara yi mata gardama, sai ta sayi ɗan ƙaramin sikeli ta shiga dillancin zinare.

Sana'ar ba ta da wani ado. Matan Hausawa masu aikatau ba banki suke ajiya ba, a wuya da hannu suke ajiya. Duk wadda ta tara 'yan riyaloli sai ta sayi awarwaro ko ɗan kunne. Ranar da buƙata ta taso kuma, fita kasuwa ba ta yiwu mata, ko don uwar ɗakinta ba za ta bar ta ba, ko don takardunta ba su cika ba. Sai a kira Shatu. Ta zo da safe ta auna, ta yanke farashi, ta ɗauki kaya, da yamma ta kawo kuɗi. Abin da ya hau kan farashin da ta yanke shi ne nata, kuma ba ya da yawa. Ba ta da jari, ba ta da shago. Abin da take da shi kawai shi ne mata sun san abin da ta faɗa da safe shi za su ƙirga da yamma, ko sama da ƙasa za su haɗu. Da wannan take biyan haya, da shi take ci.

Shekaru masu yawa hakan bai zame mata wahala ba. Tsohon da take kai wa kaya a kasuwar zinare ta Balad, farashi ɗaya yake yankewa da safe ya riƙe shi har a rufe. Da Allah ya yi masa rasuwa a farkon sanyi, ɗansa Abdulghani ya karɓi shagon, ya kafa allo a bango wanda suke kira shasha, lambobi kore da ja suna ta tsalle a kai kamar an zuba musu barkono. Abdulghani haifaffen Jidda ne, jikan Hausawa, Hausarsa tana ɗingishi amma tana kaiwa. Ba azzalumi ba ne. Shi dai duk tsohon zinaren da ya saya, nan take yake buga waya ya sayar wa babban dila kafin farashi ya motsa, don haka abin da dila ya ba shi, a kansa yake gina abin da zai ba Shatu.

Shi ya zaunar da ita ya bayyana mata ranakun da take kira ranakun Amirka. Ya ce sau ɗaya a wata hukumar can take fitar da lissafin yadda kaya suka ƙara tsada, kuma rana da lokacin an san su tun tuni. Idan tsadar ta fi yadda masana suka zata, kowa zai ɗauka babban bankinsu zai bar kuɗin ruwa a sama. Zinare kuwa ba ya haihuwa a ajiye, sai masu kuɗi su sake shi su koma wa dala mai ba su ruwa, farashinsa ya zube. Idan tsadar ta zo ƙasa da zato, sai ya tashi. Ba girman lambar tsadar ba ne abin tsoro, bambancinta da abin da aka zata ne. Riyal kuma a ɗaure yake da dala, duk abin da ya faru can sai ya shigo shagon kai tsaye. Ranar da bankin da kansa yake yanke hukunci a kan ruwan ma haka ne, sai dai wannan bayan isha'i yake zuwa, ta riga ta koma gida.

Shatu ta saurara tana tausa gwiwa. Ta ce ita da ba ta taɓa cin ruwan kuɗi ba tunda uwarta ta haife ta, ga shi ruwan wasu ya biyo ta har Balad. Amma ta riƙe darasin. Duk watannin sanyi ta lura sanarwar tana faɗowa ne bayan an fito daga sallar la'asar. Sai ta kafa wa kanta doka: ranar Amirka, ta gama cinikinta kafin a kira la'asar, halas, magana ta ƙare.

Ana cikin haka Rabi'a ta kira ta. Rabi'a mai dafa abinci ce a wani gida a unguwar Ruwais, 'yar Daura, ta gaji ta yanke shawarar komawa gida. Duk guminta na shekaru yana cikin wata tsohuwar safa: sarƙa mai nauyi, awarwaraye, zobba. Mai sayar da tikiti ya riƙe mata kujera zuwa daren ranar kawai, mai kai kaya Kano ma yana jiran nasa. Shatu ta san ranar Amirka ce, Abdulghani ya faɗa mata tun makon da ya wuce. Ta auna a ɗakin girki, ta yanke farashi a kan na safiyar, ba ta rage komai don tsoro ba, domin a lissafinta za ta gama tun kafin abin ya faɗo.

"Yaya Shatu, haka zan faɗa wa mai tikiti?" in ji Rabi'a.

"Faɗa masa. Kin taɓa jin na canza?"

Ta dawo gida ta yi azahar, ta ɗan miƙe ƙafa don zafi ya fara shigowa, sannan ta kama hanyar Balad a hankali, tana ganin akwai sauran lokaci. Ta shiga shagon ladan bai ko yi gyaran murya ba. Sai ta tarar da Abdulghani tsaye da waya a kowane hannu, idonsa a kan shasha. Da ya ga ƙullin da ta fito da shi, fuskarsa ta canza. Khala yake kiran ta, wato inna da Larabci.

"La, ya Khala, yanzu? Saura daƙiƙa kaɗan khabar ya fito."

Ta ce wane khabar, ai labarin Amirka sai bayan la'asar. Ya dafe kai. Ya ce mutanen Amirka sun tura agogonsu gaba da awa guda ranar Lahadin da ta wuce, haka suke yi duk shekara idan sanyi ya ƙare, su mayar idan ya dawo. A wurinsu lokacin bai canza ba, a Jidda ne ya matso. Shi ya faɗa mata rana, bai kawo a ransa cewa da kiran salla take auna lokacin ba. Shatu ta tsaya tana kallonsa. A duk abin da ta sani a duniya, ba ta taɓa jin ƙasar da mutane ke tashi su matsar da agogo da hannunsu ba.

Ya nuna mata lambobi biyu a allon, na saye da na sayarwa. Kullum manne suke da juna, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Yanzu sun buɗe baki. Ya ce manyan bankuna da dillalai sun janye tayinsu, don ba wanda yake so ya saya a farashin da zai tsufa cikin ƙiftawar ido. Kaɗan da suka rage suna saye da arha su sayar da tsada, tazarar ita ce garkuwarsu. Dilansa ya buɗe masa, shi ma dole ya buɗe mata. Ya faɗi abin da zai iya ba ta a take. Farashin ya cinye ribarta duka, ya ɗan gutsuri farashin Rabi'a.

Ya ce zaɓi nata ne: ta sayar yanzu ta san asararta, ko ta jira lambar ta fito, ƙila farashin ya tashi, ƙila ya faɗi, shi bai sani ba, dilansa ma bai sani ba. Shatu ta ji gajiya ta sauko mata tun daga wuya. Ba caca ta fito yi ba, aike aka yi mata. Amma ta kasa sa hannu ta karɓi asara da idonta a buɗe. Ta ce za ta jira.

Ta zauna a kan kujerar roba. Lambar ta fito, tsadar ta fi zato. Allon ya yi ja, ya ɗan yi kore kamar zai tuba, ya sake yin ja ya zarce. Abdulghani ya buga wa dila, dila ya ce ba ya yanke farashi sai ƙura ta lafa. Sai ga kiran la'asar. Aka ja ƙofar shago, ta tafi ɓangaren mata ta yi salla a zaune, ƙullin Rabi'a a cikin rigarta.

Da aka dawo, tazarar ta koma kusan yadda take kullum, lambobin biyu sun sake matsowa kusa da juna. Sai dai a ƙasa suka haɗu. Farashin da ya ba ta yanzu bai kai ko wanda ta ƙi ɗazu ba. Ya ce ta bari zuwa gobe ko jibi, wani lokaci yakan farfaɗo. Ta ce kujerar jirgi ba ta san jibi ba. Ya yafe mata ɗan abin da shi yake ci, duk da haka ramin bai cike ba. Ta ce ya auna, yalla, ya yi sauri.

Ta biya ta ɗakinta kafin ta wuce Ruwais. Ta ɗaga katifa ta ciro abin da take tarawa don sabunta iƙama, takardar izinin zamanta, wanda kafilinta, mutumin da ya tsaya mata a wurin hukuma, zai zo nema bayan bikin salla, ta cike gibin. Rabi'a ta karɓi kuɗinta cif, ta rungume ta tana kuka tana sa mata albarka, tana cewa irin su Yaya Shatu sun ƙare a duniya. Shatu ba ta faɗa mata inda cikon ya fito ba. Ba ta ji daɗin yabon ba ma, so take kawai ta samu wuri ta zauna.

A motar komawa ta yi lissafin da ba ta so. Wata mai zuwa akwai ranar Amirka, wanda ke bin sa ma akwai, ban da ta bankin, ban da waɗanda Abdulghani ya ce ƙanana ne amma sukan yi cizo. Ƙarƙashin katifar kuwa ba zai ɗauki irin wannan sau biyu ba.

Washegari da hantsi wayarta ta yi ƙara. Sajida ce daga unguwar Aziziyya, tsohuwar mai ba ta kaya, tana da awarwaro huɗu, tana so ta ji nawa za ta samu don ta san abin da za ta faɗa wa mai gidan haya. Shatu ta buɗe baki, farashin safiyar yana kan harshenta, ta haɗiye shi.

"Sai na je na ga abin da allo ya ce, ƙanwata. Abin da aka ba ni shi zan kawo miki."

 Sajida ta ce, cikin ladabi, in dai allo ne zai faɗa, ai mijin maƙwabciyarta yana wucewa ta Balad kullum, ba sai ta wahalar da Yaya da ciwon ƙafa ba. Ta yi mata fatan sauƙi, ta kashe wayar.