Sandar Awon Man Yayana

Shekarar da na koma gidanmu bayan rasuwar mijina, yayana ya yankar mini fangali goma sha biyu a fadamarsa, can ƙarshen kwata, inda ruwa ke isa bayan kowa ya sha. Na dasa albasa. Ita nake sa ran za ta riƙe ni da 'ya'yana har damina, kada in wayi gari ina miƙa kwano ƙofar ɗakin matarsa.

Injin ban ruwanmu babba ne, mai shan man gas. Da can a duro ake ajiye man, duron a tsaye, kuma yayana yana da sanda mai tsaga huɗu daidai da juna da yake tsomawa. Ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, domin duro a tsaye faɗinsa ɗaya ne daga gindi har baki. Da hanyar Ƙaura ta lalace, mota ba ta fita daga wajenmu sai an taru an sami rakiyar sojoji, sai ya sayo wani tsohon tanki mai siffar ganga a Shinkafi, ya kwantar da shi bisa bulo a rumfar injin, ya ja tiyo daga kusa da gindinsa zuwa injin. Ya sassaƙa sabuwar sanda, ya raba ta huɗu da taƙin hannunsa kamar yadda ya saba.

Ni kuwa lokacin ina aji na uku a makarantar manya ta mata, da furfura a kaina. Malamarmu ta taɓa zana da'ira a allo, ta ja layuka a kwance, ta ce mu duba wane yanki ya fi faɗi. Ranar da na ga yayana ya zaro sandarsa daga tankin, mai ya tsaya a tsagar ƙarshe ta ƙasa, zanen nan ne ya faɗo mini.

Washegari motoci za su fita Ƙaura. Ɗan kawunmu mai akori-kura ya leƙo ya tambaya ko a ɗauko mana mai, domin babu wanda ya san ranar da za a sake fita.

"Bar shi," in ji yayana. "Daga rabi zuwa nan ban ruwa shida na yi. Saura tsaga guda, wani shidan ke nan. Albasa kuma shida take nema."

Na ce, "Yaya, abin da ya rage ba zai kai shida ba."

"To Malama ta iso. Mi allo ya ce?"

"Allo bai ce komai ba. Tankinka a kwance yake. Cikinsa ne mai faɗi, gindinsa kamar kwarya."

Na koma gida da sauri na ɗauko faifai da gawayi. Na tsayar da faifan a gefen tankin, ya yi kama da fuskarsa, na ja layi uku a kwance, tazara ɗaya, suka raba shi huɗu. Na ce su duba. Yankuna biyu na tsakiya sun cika faɗin faifan kusan duka. Na ƙasa kuwa baka ne, ya tsuke ta kowane gefe. A rabi kaɗai sandar ke faɗin gaskiya. Idan mai ya tsaya a kwatar sanda, wato tsagar ƙasa, abin da ke ciki bai kai kwatar tanki ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar ne. Inda yankin tsakiya ya ba da shida, na ƙasa huɗu zai bayar, ita ma da ƙyar, kuma bakin tiyon bai taɓa gindi ba, akwai wanda zai kwanta a ƙasa tare da dauɗa.

Ɗan kawunmu ya karɓi faifan ya juya shi, ya ce, "Wallahi ƙanwata, tuwo ya kamata a rufe da shi, kin ɓata shi da gawayi." Suka yi dariya. Mu 'yan mace da 'yan namiji ne da shi, wasa ne tsakaninmu tun muna yara, amma ranar na ji kamar in kifa masa faifan a ka.

Yayana ya ce, "Taƙi taƙi ne, ko sama ko ƙasa. Tun ba ki san bihim ba nike awon mai."

"A duro kake awo."

"Duro da tanki duk ƙarfe ne."

Na ce to a sayo mini jarka biyu, in sayar da tunkiyata. Nan fa ransa ya ɓaci. A ce ƙanwarsa gwauruwa ta sayar da dabba ta zuba mai a injinsa, ana ji a masallaci? Ya ce wa ɗan kawunmu in ya kuskura ya ɗauko, ya nemi inda zai zuba. Motoci suka tafi, suka dawo da gishiri da taki da buhunan siminti.

Ban ruwa na farko, mai ya sauka fiye da yadda yayana ya saba gani. Na biyu ya fi na farko. Sai ya ce ana sata, ya sayi kwaɗo ya kulle rumfar, ya rataya makullin a wuya. Na ce masa ɓarawon a kulle yake tare da man, tunda kowace jarka da injin ya sha a wuri mai tsukewa dole ta cinye sanda fiye da ta baya. Ya ce bakina ya yi yawa. Na uku sanda ta fito da ɗan jiƙo a baki kawai. Ana cikin na huɗu injin ya yi tari, ya sake yi, ya mutu. Ruwan da ke cikin kwata ya gangaro ya tsaya fangali uku kafin nawa.

Ga zafin bazara ya kama. Na ɗauki tulu, 'yata babba ta ɗauki bokiti, muka riƙa jido daga gulbi. Gangaren yana da nisa, yashi kuma yana shanye ruwa kafin ka juya. Fangali biyu muka iya riƙewa. Sauran na tsaya ina kallo ganyensu ya kwanta, kan albasar bai kai ƙwan tattabara ba. Na yayana da ke kusa da injin sun sha na huɗun, ga danshi a wajen, ya kwashe abin da ya kwashe. Da ya zo yi mini jaje cewa ya yi haka Allah ya nufa. Na ce ban musa ba, amma Allah bai sassaƙa sandar nan ba.

Da aka sake samun fita aka kawo mai, na riga kowa zuwa rumfar da sabon icce da wuƙa. Na hana a juye gaba ɗaya. Jarka ɗaya a zuba, in tsoma, in tsaga, sannan a ƙara. Tsagogin suka fito wara-wara a ƙasa, suka matsu a tsakiya, suka sake warewa can sama. Jarka ashirin tankin ya ci. Yayana yana tsaye yana kallo har aka gama. Ya karɓi sandar ya duba ta sama da ƙasa, ya ce duk wanda ya gan ta zai ce makaho ne ya yi aikin. Ya jingine ta a lungu kusa da tasa.

Da yamma matarsa ta aiko mini da kwanon dawa, ta ce in riƙa turo yara da kwano duk ranar Juma'a.