Gwajin da Aka Bar wa Ido

A buronmu, wato ofishinmu na Magaria, muna gwada manhajar rabon iri da hannu duk lokacin da aka sabunta ta. Da za a miƙa wa na'ura aikin, na so a fara da gwaje-gwaje masu sauƙi. Shugabarmu ta ƙi.

"Ƙanena, wanne ya fi kama mana ɓarna?"

Gwajin yankewar rezo ne, wato layin sadarwa, mai hana sunan manomin ƙauyen Guci shiga sau biyu. Da shi muka fara, ina gunaguni. Shafukan da za a canza ta ce su jira. Gwajin karanta rubutu a tsakar rana kuwa, tablet ta miƙo min, ta nuna ƙofa.

"Rana ba ta kashe wa na'ura ido."

Har yau ni ke fita.