Ƙashi a Farantin Baƙo

Gwaggona za ta yafe maka sata kafin ta yafe maka ka ce tuwonta bai ji miya ba. Sunan gidanmu a Matameye shi ne abin da take tsaro fiye da awakinta. To, ita aka ba masaukin wani tsoho Bayahude daga Faransa, masanin irin gero, ni kuma da nake koyarwa a lakwal na zama tafintansa.

Wata rana cikin bazara ya ce idinsu ya zo, na tunawa da fitar Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna, kuma bai taɓa cinsa shi kaɗai ba. Ya roƙi abubuwa: ƙashin ƙwaurin rago gasashshe, ƙwai gasashshe, ɗanyen ganye, ruwan gishiri, tsohuwar salat wadda ta yi ɗaci, sai dabino a kirɓa da aya. Na fassara tsaf. Gwaggo ta dube ni kamar na zagi uwarta.

"Ƙashi? A gidana? Ɗan nan, Faransancinka ne ya lalace. Gobe a ce daga nan har Kance mun ba baƙo abincin kare?"

Bayan magariba ta shigo da tire tana taƙama. Ƙashin ya zama cinyar rago. Salat ta zama kwaɗo, ta sha ƙuli da mai. Ruwan gishiri ya zama lemun tsamiya. Busassun gurasunsa uku da ya zo da su daga gida, ta tausaya musu, ta ɗora musu burodin tasha mai laushi a gefe.

Tsohon ya ga burodin ya miƙe zumbur. Kwana biyu ya yi yana share ɗakin don kada ɓarɓashin abu mai yisti ya saura, don haramun ne a idin, ga shi an kawo masa sandar burodi guda. Kunya ta kama ni, haushin Gwaggo kuma ya fi kunyar. Ni na fita da burodin, na tsinko salat da ta yi tsiro a lambun bayan gida, na zare ƙashi daga cinyar, na dama gishiri. Gwaggo ta zauna bakin ƙofa ta ga iyakar abin.

Ya zuba ruwan busasshen inabi da ya jiƙa, kofin farko cikin huɗu, kowanne na alkawari guda na ceto. Ya sha a kishingiɗe gefen hagu, wai haka 'ya'ya ke ci, bawa a tsaye yake ci. Ya tsoma ganye a ruwan gishiri: ganyen alamar sabuwar shekara ne, ruwan kuma hawayen kakanni. Ƙashin ba a ci, yana tsaye ne a madadin ragon da aka yanka aka shafa jininsa a dogaran ƙofa, mutuwa ta tsallake gidajensu. Ƙwan na hadayar idi ne, da makokin ɗakin ibadarsu da aka rushe. Ya karya gurasar tsakiya ya ɓoye babban rabin, da shi ake rufe cin abinci. Gurasar gari ce da ruwa kawai, don sun fita da gaggawa ƙullu bai tashi ba.

Da yake ni ne ƙarami a wurin, da furfurata, ni aka sa na yi tambayar al'ada: me ya bambanta daren nan da sauran? Ya amsa, na tsaya ina tauna amsar.

"Me ya ce?" in ji Gwaggo.

"Ya ce, bayi muke a Masar."

"Bayi? Da bakinsa? Ba wanda ya tona shi?"

Na ce kowace shekara suke faɗa, kuma dole yara su ji. Ta riƙe haɓa. A wurinmu, maganar nan aure take kashewa.

Ya ɗiga ɗigo goma daga kofinsa saboda annoba goma da suka afka wa mutanen Fir'auna, wai ba a cika murna a kan wahalar ko da maƙiyi ne. Ya ci gurasa. Sannan ya dangwali kirɓaɓɓen dabinon, wanda ke nufin lakar da suka yi wa Fir'auna tubali da ita, da karan salat, ɗacin bauta, ya miƙa mana. Gwaggo da ba ta cin abin da ba ita ta gyara ba ta karɓa. Ta tauna, ta yatsine fuska, ba ta tofar ba. Aka ci cinyar da ta dafa, ba ta ko tambayi ko ta yi daɗi ba.

Can wajen ƙarshe ya cika wani kofi da ba mai sha, na Annabi Iliyasu mai kawo bisharar ceto, ya ce a buɗe masa ƙofa. Na wangale ta. A nan Gwaggo ta ce da ni ƙasa-ƙasa, kakarta ba 'yar malamai ba ce daga gabas kamar yadda aka raine mu muna faɗa. Sayo ta aka yi a kasuwa, tana da shekarun tallar gyaɗa, ta mutu ba ta san garinsu ba.

Tsohon ya tambaye ni me ta ce, na buɗe baki zan fassara.

"Kul!" in ji Gwaggo. "Shi nasa ya yi shekara dubbai, namu maƙwabta na da rai. Annabin ya shigo ai, tashi ka rufe ƙofar nan."