Durowar Baba

Baba ya rasu da sati shida aka zauna rabon gado a gidanmu na Unguwar Shanu, ni kuwa a lokacin amarya ce, ko shekara ban rufa ba. Malamin da zai raba ya ce ba a raba abin da ba a san sunansa ba, sai an fito da komai an ambace shi. Keke, riguna, buta, duk aka wuce su lafiya. Saura wani kabad da Baba ya shigo da shi a amalanke shekarun baya, mai durowa ɗaya a kulle. Inna ba ta taɓa ganin cikinta ba.

Baffa, ƙanin Baba da ya zo daga Rigachikun, shi ya ɓalle ta da bakin fartanya. Muka leƙa. Ƙarafa ne fal, an naɗe kowanne a farin ƙyalle, suna walƙiya.

Baffa mutum ne da bai taɓa cewa bai sani ba. Ya ɗauki wani mai ƙafa biyu da haƙora a ciki, ya ce na cire haƙori ne. Wani mai siraran wayoyi a jere, ya taɓa da farce ya ji ƙara, ya ce wannan gurmin aljanu ne. Da ya murɗa hannun wani, kawuna biyu suka hau juyawa da gudu, ya jefar da shi yana salati. Na ƙarshe ƙarfe ne murɗaɗɗe mai tsini, da mariƙin katako.

"Wannan kayan tsafi ne," in ji Baffa. "Ashe abin da Yaya yake yi ke nan?"

Mu dai mun san Baba masinja ne a ofishin gwamnati, kullum ya fita da farar riga ya dawo da ita fes, sahun gaba a masallaci kuma ba ya wuce shi. Matan da ke tsakar gida sun riga sun fara ƙus-ƙus. Na san in maganar nan ta fita zaure, kafin la'asar ta kai Doka, gidan surukaina, kuma sunan Baba ya ɓaci har abada. Raina ya ɓaci, na ce wa Baffa a gaban mutane ba zan yarda ba. Malam ya tsawata mini, sannan ya ce a nemo wanda ya san mamaci a wurin aiki.

Aka kira wani tsoho da ke zuwa gaishe da Baba ran Juma'a. Yana ganin kayan a kan tabarma ya durƙusa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a ba shi ƙwai dafaffe da ɗanye. Ya ɓare dafaffen, ya kwantar da shi a ramin gurmin Baffa, ya danno wayoyin, ƙwai ya rabu yanka-yanka daidai wa daida. Ɗanyen ya fasa a kwano, ya sa mai kawuna biyu ya murɗa, nan take ya yi kumfa. Na haƙori kuwa, ya ce na fasa ɓawon 'ya'yan itace masu tauri ne.

"Murɗaɗɗen fa?" Baffa ya tambaya.

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na zaro toshiyar kwalbar giyar Turawa ne. Marigayi ke buɗe musu. Amma wallahi shekara ashirin muna madafi ɗaya, ko a harshe bai taɓa ɗanawa ba."

"Madafi?" Inna ta faɗa daga bayan labule.

"Ai kuku ne, uwargida. Babu kamarsa a duk gidajen Turawa. Da Baturensa zai koma gida ya bar masa kayan nan. Ni ne na yi alkawarin ba zan faɗa ba, don ya ce in 'yan'uwansa suka ji yana aikin mata, ba zai ƙara ɗaga kai ba."

Baffa ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ni ma haka. Baba fa, mutumin da ko ruwan alwala sai an zuba masa, wanda ban taɓa ganin ƙafarsa a bakin murhu ba! Na ji sanyi an wanke shi daga tsafi, na kuma ji haushinsa har wuya, shekara da shekaru yana cin abinci da mu yana ɓoye mana hannunsa.

Sai Inna ta kira ni da sunan da take ɓoye nawa da shi.

"'Yar fari, lokacin da na haife ki na kwanta wata biyu. Kullum sai ya shigo da romo a kwanon sha, ya ce matar abokinsa ce ta aiko. Ban taɓa cin irinsa ba. Na yi ta roƙonsa ya kai ni in yi mata godiya, kullum ya ce ta yi tafiya."

Malam ya gyara murya ya tambaye ta me take so a sa a cikin tumuninta, kasonta na matar mamaci. Ba ta dubi keke ba, ba ta dubi riguna ba. Ta miƙo hannu ta ƙarƙashin labule ta ce a ba ta durowar da kayanta duka, har da ƙyallayen.