Gyaɗa Sittin da Hayar Shagona

Ni dai aji uku na yi a firamare, shi ma na ukun sau biyu na zauna shi. Sauran ilimina a kasuwar hatsi na same shi, inda kwano da buhu ba su yi wa mutum ƙarya. Da girma ya fara kamawa, gwiwa ta ƙi hawan lodi, sai na kwashe abin da na tara na gina babban shago a Arkilla, bakin titi, na ce shi zai riƙe ni. Wata takwas shagon nan yana kulle. Ba filasta mai kyau, ba silin, ƙasa siminti tsirara. Ƙadangaru ne kaɗai 'yan hayata, su kuwa ba su biya.

Cikin mako guda sai ga mutum biyu. Na farko abokina ne tun ƙuruciya a Ƙofar Marke, mai sayar da katifu. Ya ce zai ba ni miliyan ɗaya da rabi duk shekara, har shekara biyar, ba ruwansa da gyara, katifa ko a kango tana kwana. Ta biyu wata mata ce da ta karanci haɗa magunguna, tana son buɗe kantin magani. Ta zo da takarda, ta gaishe ni har ƙasa, ta ce, "Baba, zan ba ka miliyan biyu da dubu ɗari huɗu a shekara, shekara biyar."

Na gyara hula. Har na fara hango kaina a sabuwar mota.

"Amma wata shida na farko ba zan biya ba, lokacin gyara ne da neman izini da jiran masu saye su saba. Kuma za ka sa miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas cikin aikin tayil da silin da wayar wuta. Kantoci da firji nawa ne."

Na ce, "Ɗiyata, mi kic ce? In ba ki shago, in ba ki wata shida kyauta, in kuma bi ki da kuɗɗi? Haya kika zo ko gado?"

Ta yi dariya, ta ajiye takardar, ta ce in duba zuwa Juma'a. Ni kuwa a raina na gama, shagon na abokina ne. Kuɗinsa kaɗan ne, amma ba wanda zai ce an zauna mini a shago a banza.

Da hantsi na shiga gida ina ta faɗa ni kaɗai. Mai ɗakina tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Shekara ashirin tana uwar adashin unguwarmu, ba a taɓa kama ta da kuskuren ko sisi ba. Ta saurare ni har na gaji, sannan ta jawo faifai.

"Malam, shekara biyar wata nawa na?"

"Sittin. Wanga dai na sani."

Ta ƙirga gyaɗa sittin ta jera. Ta ce kowace ɗaya wata guda ce, kuma a farashin matar nan kowane wata dubu ɗari biyu ne. Sai ta tambaye ni ko wata shidan nan cikin shekara biyar ɗin suke ko ƙari ne a kai. Na kira matar a waya, ta ce a ciki suke. Mai ɗakina ta ware shida ta miƙo mini. "Ci, waɗanga ka riga ka bayar." Na watsa a baki. Ta ce kuɗin gyara, miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, daidai yake da hayar wata tara. Ta ware tara, na cinye su ma, da ɗan baƙin ciki.

Ta ƙirga saura ta samu arba'in da biyu. Ta sake ƙirgawa. Ta ɗago ta dube ni.

"Ina ukku?"

Na ce wataƙila kaza ce. Ba mu da kaza. Ta cika su arba'in da biyar, ta janye faifan daga inda hannuna zai kai.

Arba'in da biyar sau dubu ɗari biyu, miliyan tara ke nan. Shi ne abin da zai tsaya a hannuna bayan an fitar da kyauta da gyara. Ta ce in raba shi shekara biyar. Wannan ban nemi taimako ba, miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas a shekara. Na abokina kuwa miliyan bakwai da rabi ne gaba ɗaya. Da ta auna shi da gyaɗar, talatin da bakwai ya tashi da ɓari guda. Ta fasa ɗaya ta ajiye ɓarin, don kada in ce an zalunci abokina.

Kunya ta kama ni. Ni da na shekara arba'in ina gaya wa masu saye kada su dubi farashin kwano, su dubi abin da ya shiga buhu har da gyara, ga ni kalmar kyauta ta rufe mini ido, ina shirin jefar da ratar miliyan ɗaya da rabi da ke tsakaninsu.

Amma ban bari ta tafi da nasara duka ba. Na ce gyaɗarta duk girmansu ɗaya, kuɗi kuwa ba haka suke ba. Kuɗin gyara yau zai fita daga aljihuna, hayar shekara ta biyar kuwa kafin ta zo Allah kaɗai ya san buhun gero nawa za ta saya. Don haka ratar ba ta kai yadda faifai ya nuna ba, ko da yake har yanzu matar ce a gaba. Sannan in ta cinye wata shida, ta shimfiɗa tayil da kuɗina, ta tashi bayan shekara biyu fa? Mai ɗakina ta ce, "Ashe kan yana aiki in an ba shi gyaɗa."

Ranar Juma'a bayan an sauko, ni da mai kantin maganin muka zauna wurin lauya. Na ce sharaɗina uku. Ba zan ba da kuɗin gyara a dunƙule ba, sai an yi aiki na ga rasit. Tayil da silin da waya na gini ne, ko ta tashi suna nan. In kuma ta fita kafin wa'adi, za ta mayar da rabon abin da na saki, wato miliyan uku, gwargwadon watannin da suka rage. Lauyan ya sauke tabarau ya tambayi inda na yi karatu. Na ce masa ƙarƙashin rumfar gero. Matar ta yarda, ta ce da ma ba ta zo da niyyar gudu ba. Ta sa hannu, ni na dangwala yatsa.

Abokina bai yi fushi ba. Ya ce da ma ya taya ne ko Allah zai sa in ƙi yin lissafi, kamar yadda na saba tun muna aji uku.

Da aka buɗe kantin, fitilu farare, tayil kamar ka ci tuwo a kai, sai na riƙa zuwa da la'asar ina zama a benci a waje, ina amsa gaisuwa kamar ni na haɗa magungunan. A majalisar ƙofar gida kuwa, duk wanda ya tambaye ni nawa na ba da shagon, sai in yi gyaran murya in ce miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Ai ba ƙarya na yi ba, haka yake a takarda.

Na manta tagar mai ɗakina tana kallon majalisar. Washegari na miƙa kuɗin cefane kamar kullum, ta ƙi karɓa.

"Wanga cefanen mai miliyan ɗaya da ɗari takwas na. Jiya na ji mai miliyan biyu da ɗari huɗu yana magana a waje. Shi nika jira."

Na ƙara mata. Ranar nan, da miyar kaji muka ci tuwo.