Katin Attracta na Kwana Ashirin da Takwas

Attracta Gilsenan ba ta taɓa loda kati kai tsaye daga takardar shago ba. Rubutun ƙanana ne, idonta kuma ya fara gajiya. Sai ta zauna a kicin, ta juya wani tsohon ambulan, ta kwafi lambobin manya-manya da fensir, sannan ta danna su a waya ɗaya bayan ɗaya. Gidana na kallon nata a kan tudun da ke bayan Drumshanbo, na sha ganin ta ta taga.

Ta yi shekara talatin tana dafa abinci a makarantar firamare. Bayan rasuwar mijinta ta zaɓi wani tsari na kamfanin waya: ka sa katin Yuro ashirin a tashi ɗaya, su ba ka kira da data na kwana ashirin da takwas, haɗe da manhajar kallon finafinai. Ita da kanta ta kunna shi. Saƙo ya shigo, ta danna shuɗin rubutun da ke ciki, ta sa imel ɗinta, ta zaɓi kalmar sirri. Ta ce mini sunan wani kare ne da ya taɓa cizon surukarta.

Babu intanet na gida a wurinta. Da datar wayar take kallon wani dogon shiri na masunta, kullum kashi ɗaya bayan shayin la'asar.

Ɗanta Cathal, da ke aiki a Galway, bai so haka ba. So yake ya mayar da layinta cikin lissafinsa, ya riƙa biya duk wata. Ita kuwa ta ga abin da ya sami ƙawarta Philomena: aka fara da karɓar mata biyan waya, aka bi da makullin mota, yanzu tana gidan tsofaffi a Carrick.

Wata Asabar, na'urar shagon garin ta ƙi fitar da katin ashirin, mai shagon ya ba ta na goma guda biyu. Ta loda su duka, ta ɗauka an gama. Amma tsarin ba ya sabuntuwa da gutsure. Kwanakinta suka cika, manhajar ta ce an dakatar da ita, datar da ta bari a kunne kuma ta koma cin kuɗin katin da tsada. Kafin safiyar Lahadi babu ko sisi. Ba ta iya kiran Cathal bayan coci kamar yadda ta saba ba. Shi ya kira, don kira yana shiga ko babu kuɗi, da yamma kuma sai ga motarsa.

Ina wurin, na kai mata ƙwai.

"Mama, da faɗuwa kika yi fa? Wa za ki kira?"

"Lambar gaggawa ba ta neman kati, ɗan nan. Ko ba a koyar da wannan a Galway?"

Ya ciro takardar mayar da layin cikin lissafinsa. "Ki sa hannu a nan kawai, ki huta da zuwa shago."

"Wa ya ce maka na gaji? Ni na yi maka wanka a wancan bahon, kana tsala ihu kamar ɗan akuya. Yau kai ne mai hutar da ni?"

Cathal ya ninke takardar. "To. Amma in layin nan ya sake mutuwa, ba zan nemi izininki ba."

"In ya mutu, ka zo."

Washegari ana yayyafi ta sa takalmin roba ta gangara gari, mil biyu. Na ce in kai ta a mota, ta ce in je in duba kajina. Ta sayi na ashirin guda ɗaya, ta kwafi lambobin a ambulan, ta loda a gaban mai shagon. Saƙon ya shigo, ta danna, ta shiga da tsohon imel ɗinta. Shirin ya ci gaba daidai inda ta tsaya, jirgin masuntan na shiga tasha.

Daga ranar ta daina dogara da farkon wata. Kwana ashirin da takwas ba wata ba ne, ranar tana ja baya a hankali. Ta riƙa ƙirga su a kalandar coci, tana zagaye na ashirin da bakwai da jan biro. Shekara huɗu, da ƙanƙara da ciwon gwiwa, layin bai sake mutuwa ba. Cathal kan zo da takardar a aljihun kwat, ya koma da ita. Daga baya ma ya daina kawowa.

Ran Alhamis ɗin da ban ga hayaƙi a bututun gidanta ba, na haura. Tana kan kujerarta, ta riga ta cika, shayinta ya huce. Ranar na zagaye da ja a kalanda, saura kwana ɗaya. Takardar shagon na kan tebur, ga ambulan a gefe. Lambobi bakwai kawai ta kwafa.

Da Cathal ya iso, ya daɗe yana duban ambulan ɗin. Bai taɓa fensirin ba.