Kalma Hamsin ta Baba Kallamu

Duk wanda ya taɓa zuwa shagon kwamfutata a kasuwar Tsanyawa ya san ba ni da haƙuri da masu dogon turanci. To ashe ban ga komai ba sai ranar da Baba Kallamu, maƙwabcinmu, ya jingine kekensa ya dire mini tarihin rayuwarsa shafi shida cur.

Tsohon malamin gona ne, kakanninsa daga Barno suka zo. Ya yi ritaya da 'yar gonarsa da rumbu guda cike da goruna, kowane gora da tsohon iri a cikin toka. Iri kuwa in an daɗe ba a shuka shi ba mutuwa yake yi. Shekarar da aka cire tallafin fetur, tsadar rayuwa ta sa ya sayar da rabin gonar, ragowar ba za ta ɗauki irin duka ba. Sai ga wata ƙungiya za ta yi baje kolin iri a Kano, za ta zaɓi manoma ashirin, rumfa da kuɗin mota kyauta. A nan yake fatan samun masu shukawa. Amma fom ɗin da ake cikewa a intanet yana son tarihin mutum cikin kalma hamsin, da Hausa ko Turanci, in ka ƙara ɗaya akwatin ba ya karɓa.

Na ce masa shafin farko kaɗai ya haura ɗari uku, kuma duk gaisuwa ce da sunayen malamansa. Ya ce butulci ne mutum ya faɗi abin da ya zama bai ambaci waɗanda suka yi shi ba. Kai, raina ya ɓaci! Na ɗauki jan biro na shiga yanka. Na zubar da gaisuwa da ranaku, na bar difloma, kwasa-kwasai da wuraren aiki. Hamsin daidai, har ina jin kaina.

Inna Hure mai ƙosai ta leƙo kawo mana na rana. Baba ya ce in karanta mata ba suna, mu ji ko za ta gane mai shi. Ta saurara, ta ce ko Malam Usaini ne na sakatariya. Wallahi kunya ta kama ni. Malaman gona nawa ne ke da wannan difloma?

"Inna, in baƙo ya tambaye ki wane ne Baba Kallamu, me za ki ce?" na tambaye ta.

"Wannan marokin tsofaffi? Shi ya zo ya tsuguna gaban tsohuwata Maijidda sai da ta ba shi geronta. Har yau geron Maijidda yake kiransa, alhali ta shekara tara a kabari."

Abin yana nan a shafi na biyar, layi biyu kacal, ni da hannuna na soke shi. Muka sake daga farko: suna, sana'a, gari, sai abin da babu mai yi sai shi. Da na zo cire diflomar ya dafe takardar kamar zan cire masa haƙori. Na ce masu zaɓen za su ga difloma ɗari, amma goruna nasa ne shi kaɗai, kuma waɗanda suka yi shi suna nan a jikin gorunan. Ya janye hannu. Ga abin da ya fito:

"Kallamu Kashim tsohon malamin gona ne a Tsanyawa. Shekara talatin yana bin ƙauyuka da keke yana roƙon tsofaffin mata irin gero, dawa da wake masu jure fari. Ya tara iri 27, kowanne da sunan wadda ta ba shi. Ba ya sayarwa: ka ɗauki tafi ɗaya, ka dawo da biyu."

Kwamfuta ta ƙirga arba'in da tara. Na ce saura gurbi ɗaya, ko a sa masa Malam? Ya kira sunana ya ce, "A'a, Barira, sa Alhamdulillahi."

Aka zaɓe shi. Ya tafi da goruna a buhu, ya dawo da su kusan wayam, bakinsa har kunne, ya ishe mu da labari mako guda.

Bayan kaka, ranar kasuwa, wani manomi daga Zakirai ya sauka daga bas yana cigiyar mai goruna. Inna Hure ya fara tambaya, ta kawo shi shagona inda Baba ke zaune. Mutumin ya kwance ƙullin tsumma, ga gero tafi biyu. Ya ce ruwa ya ɗauke da wuri a wajensu, wannan ne kawai ya nuna, yanzu rabin ƙauyensu na neman geron Maijidda.

Inna Hure ta ajiye farantin ƙosai, tana dariya hawaye na zuba.

"Bawan Allah, sake faɗin sunan in ji."